Barkono da tumbi: dalilin raɗaɗinsa a baki da gaskiyar zargin gyambon ciki

Da wuya a sami abincin da ake ɗora wa laifin ciwon ciki kamar barkono. Duk wanda ya koka da zafin ƙirji ko ciwo a ƙahon zuci, shawarar farko da zai ji daga abokan aiki ko maƙwabtan shago ita ce ya daina cin yaji, domin yaji ne ke kawo olsa. Shawarar tana da ma'ana ga mai sauraro, tun da abin da ya ƙona harshe ana ganin ba zai ƙyale tumbi ba. Sai dai binciken likitoci na shekaru arba'in da suka gabata ya nuna cewa raɗaɗin barkono saƙo ne na jijiya ba rauni ba, kuma abubuwa biyu da suka fi haddasa gyambon ciki ba su da yaji ko kaɗan. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin wanda ya kama barkono da laifi yakan saki ainihin mai laifin.

Sinadarin da ke cikin ɗan barkono

Barkono da attaruhu da tattasai da shambo duk 'yan gida ɗaya ne, kuma asalinsu nahiyar Amurka. Mutanen ƙasar da ake kira Meziko a yau sun noma shi dubban shekaru kafin Turawa su isa nahiyar a 1492, daga nan fatake na ƙasar Fotugal suka bi da shi gaɓar tekun Afirka da Indiya. Kafin zuwansa, masoro da kimba da citta ne ke ba miya ƙamshi da yaji a Afirka ta Yamma.

Abin da ke ba waɗannan 'ya'ya zafinsu wani sinadari ne mai suna kafsaisin, tare da wasu 'yan uwansa da ba su kai shi yawa ba. Wani Bature masanin haɗa magunguna, John Thresh, shi ya raɗa masa wannan suna a 1876. Sinadarin ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa, amma yana narkewa a cikin mai. Dafuwa ba ta kashe shi, haka ma shanya, shi ya sa busasshen barkono da ya shekara a buhu yake nan da kaifinsa.

Mutane da yawa sun ɗauka a cikin ƙwayoyin irin zafin yake. Ba haka ba ne. Ana samar da kafsaisin ne a farar tsokar nan da ke tsakiyar ɗan barkonon, wadda irin ke manne da ita, sai ya shafi irin saboda maƙwabtaka. Mai girkin da ke son ƙamshin attaruhu ba tare da dukan zafinsa ba, farar tsokar za ta kankare, cire iri kaɗai ba zai rage wani abin kirki ba.

Akwai ma'aunin da ake gwada zafin barkono da shi, wanda Wilbur Scoville, wani Ba'amurke mai haɗa magunguna, ya ƙirƙiro a 1912. Hanyarsa ita ce a tatsi barkono, a riƙa sirka shi da ruwan sukari har masu ɗanɗanawa su daina jin yajin. Yawan ruwan da aka buƙata shi ne makin barkonon. Koren tattasai mai ƙaton kai makinsa sifili ne. Dogon jan barkono yakan kama daga 30,000 zuwa 50,000. Dangin attaruhu suna tsakanin 100,000 da 350,000, shi kuwa zallan kafsaisin ya kai miliyan 16. Ma'anar wannan a aikace ita ce, giram ɗaya na busasshen attaruhu mai maki 200,000 sai an sirka shi da kimanin lita 200 na ruwa, wato duro guda, kafin harshe ya daina jin sa. A yau na'urori ne ke yin awon a ɗakin gwaji, amma har yanzu da sunan Scoville ake bayyana sakamakon.

Yadda ake yaudarar jijiya

Yaji ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami ko ɗaci. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon ciwo ne ke jin sa, shi ya sa barkono ke yin raɗaɗi a ido da hanci da fatar hannu, wuraren da ba su san ɗanɗano ba.

A bakin waɗannan jijiyoyi akwai wata 'yar ƙofa da masana suka sa wa suna TRPV1. Aikinta shi ne gargaɗi. Tana buɗewa idan zafin abin da ya taɓa ta ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai inda ɗumi ke fara zama cutarwa. Da ta buɗe, jijiyar sai ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa wurin yana ƙonewa, mutum ya janye hannu ko ya tofar da shayin da ya kurɓa. Kafsaisin yana dacewa da wannan ƙofa kamar mabuɗi da kwaɗo. Idan ya maƙale mata sai ta buɗe ko da babu wani zafi a wurin, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da hanyar bambance saƙon wuta da na barkono, tun da ta waya ɗaya suka zo.

David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma da kafsaisin ɗin kansa suka yi amfani wajen neman ta. Wannan aiki ne ya ba shi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021, tare da Ardem Patapoutian wanda ya gano yadda jiki ke jin taɓawa.

Sauran abubuwan da mai cin yaji ke gani duk daga wannan ƙararrawar ƙarya suke. Jiki ya ɗauka ya yi zafi, sai ya fitar da gumi don ya huce. Ya ɗauka wani abu mai cutarwa ya shigo, sai ya saki hawaye da majina da miyau don ya wanke shi. Shi ya sa miya mai zafin wuta ta fi wadda ta huce yaji, domin abubuwa biyu ne ke tura ƙofa ɗaya a lokaci guda. Bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin raɗaɗin yakan lafa, kuma idan aka duba harshen ba za a ga bororo ko saɓa irin na ƙunar ruwan zafi ba.

Tsuntsaye ma suna da irin wannan ƙofa, amma tasu ba ta amsa wa kafsaisin. Suna cin barkono hankali kwance, su kashe irin a nesa bai lalace ba, yayin da ɓera da sauran dabbobin da ke tauna iri suke gudunsa.

Akwai kuma sabo. Jijiyar da ake yawan taɓawa da kafsaisin takan rage amsawa, shi ya sa wanda ya tashi da miyar attaruhu yake cin abin da zai sa baƙo kuka. Likitoci sun yi amfani da wannan hali, suka haɗa man shafawa da filasta masu kafsaisin don rage ciwon gaɓoɓi da ciwon jijiya. Maganin yana fara aiki da raɗaɗi, daga baya jijiyar ta yi shiru.

Dalilin da ruwa ba ya kashe yajin

Tun da kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, kurɓar ruwa ba ta ɗauke shi daga harshe. Ruwan sanyi yana ba da sauƙi na ɗan lokaci saboda sanyinsa, da an haɗiye kuma raɗaɗin ya dawo. Madara da nono da kindirmo sun fi, domin suna da maiƙo da wani furotin mai suna kasin, wanda ke naɗe sinadarin ya tafi da shi kamar yadda sabulu ke ɗauke maiƙo daga kwano. Sukari da lomar burodi ko tuwo su ma suna ɗan taimakawa. Wanda ya yanka attaruhu hannunsa ya ɗauki raɗaɗi, ya fara murza man gyaɗa sannan ya wanke da sabulu. Idan ido ne, ruwa mai tsabta kawai za a yi ta kwarara masa na tsawon lokaci, ba tare da murzawa ba.

Abin da aka gani da aka leƙa cikin tumbi

Tumbi ba fili ne marar kariya ba. Kullum yana ɗauke da asid mai ƙarfin da zai iya narkar da nama, kuma abin da ke hana shi cin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangonsa, da sinadarin da ke kashe kaifin asid a ƙarƙashin yauƙin, da kuma yalwar jinin da ke gyara duk inda ya ƙuje. Gyambo yana samuwa ne idan wani abu ya raunana wannan kariya har asid ya isa ga naman.

A 1988 likita David Graham da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka gwada zargin da ake yi wa yaji kai tsaye. Sun ɗauki mutum 12 masu lafiya, suka ba su abinci iri daban-daban a ranaku daban-daban, suna leƙa tumbinsu da na'urar da ake zurawa ta baki mai ɗauke da kyamara. Bayan abinci mai giram 30 na barkono ba a ga wata ɓarna ta a zo a gani ba. Amma bayan abinci marar yaji da aka haɗa da asfirin, mutum 11 cikin 12 sun sami ƙujewa a bangon tumbi. Masu binciken ba su tsaya nan ba. Sun niƙa ɗanyen barkono suka zuba shi cikin tumbi kai tsaye, washegari suka leƙa, ba su ga rauni ba.

Wani gwaji da aka yi a Singafo a 1995 ya ƙara wani abin mamaki. An ba mutum 18 asfirin, wani lokaci bayan sun sha ruwa kawai, wani lokaci kuma bayan sun sha giram 20 na barkono a ruwa. Ɓarnar da asfirin ya yi ta fi ƙanƙanta a ranar da barkono ya riga shi shiga. Bayanin da masana suka bayar shi ne, idan kafsaisin ya taɓa jijiyoyin tumbi, sukan ƙara kwararar jini zuwa bangon su kuma ƙara yauƙi, wato ƙararrawar da ke sa hanci zubar da majina ita ce ke sa tumbi ƙara shiri.

Har a kan masu gyambon an gwada. A Indiya a 1984 aka raba masu gyambon farkon hanji su 50 gida biyu, duka suna shan magani iri ɗaya, amma rabi ana sa musu giram 3 na garin barkono a abinci kowace rana. Bayan mako huɗu, yawan waɗanda suka warke a ɓangarorin biyu bai bambanta ba.

Waɗannan gwaje-gwaje na mutane kaɗan ne kuma na gajeren lokaci, don haka ba su mayar da barkono maganin olsa ba. Abin da suka tabbatar shi ne, yajin da ake ci a abinci na yau da kullum ba ya huda tumbi mai lafiya.

Masu laifin na gaskiya

Na farko wata ƙwayar cuta ce da ake rubutawa H. pylori a takardar gwajin asibiti. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ta a 1982, a lokacin da aka yi imani babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita a 1984, ya kamu da kumburin tumbi cikin kwanaki. An ba su kyautar Nobel a 2005. Ƙwayar tana shiga jiki galibi tun ana yara, ta hanyar miyau da gurɓataccen ruwa ko abinci, kuma ta fi yawa inda ake da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Akasarin masu ɗauke da ita ba sa samun gyambo, amma a wasu takan raunana yauƙin har asid ya ci naman.

Na biyu su ne magungunan kashe ciwo irin asfirin da ibufurofen da dikulofenak da firoksikam. Suna rage ciwo ta hanyar toshe wasu sinadarai a jiki, sai dai waɗannan sinadarai su ne kuma ke umartar tumbi ya yi yauƙi. Ko ta allura aka sha su illar tana nan, domin ta cikin jini take bi. Farasitamol ba ya cikin wannan rukuni. Shan taba kuma yana ƙara haɗarin gyambo yana jinkirta warkewarsa.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai shekara arba'in da biyar da ke fama da ciwon baya saboda doguwar tsayuwa a shago. Kusan kowane dare yana sayen haɗin ƙwayoyi a kemis, bai san cewa biyu daga cikinsu 'yan rukunin dikulofenak ba ne. Bayan wata uku sai ya fara jin ciwo a ƙahon zuci, wanda ke tsananta idan ya ci tsire da yaji. Ya yanke hukunci cewa yaji ne, ya sa a daina sa attaruhu a miyar gidansa, ciwon ya ɗan ragu, shi kuwa ya ci gaba da shan haɗinsa. Gaskiya ne yajin yana tayar masa da ciwo, kamar yadda gishiri ke yin zafi a kan yanka, amma ba gishirin ya yi yankan ba. Da ya cire yajin, abin da ke tuna masa da raunin kawai ya kawar, raunin yana ta zurfi. Irin wannan ne wata rana zai ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, jiri yana ɗibarsa, alamar gyambon ya fara zubar da jini.

Hanyar da ta dace da shi ita ce ya kai wa likita ainihin ƙwayoyin da yake sha, a dakatar da masu cutarwa, a yi masa gwajin H. pylori ta bayan gida ko ta numfashi. Gwajin yana iya ba da sakamakon ƙarya idan ya sha omefurazol ko makamancinsa cikin mako biyun da suka wuce, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin mako huɗu, don haka sai ya faɗa wa likita. Idan an sami ƙwayar, maganinta haɗi ne na mai rage asid da masu kashe ƙwayoyin cuta aƙalla biyu, na kwana 10 zuwa 14, kuma dole a shanye shi duka ko da ciwon ya tafi tun a kwana na uku. Bayan aƙalla mako huɗu da gamawa ake sake gwaji don tabbatar da ta mutu. Gwajin jini bai dace da wannan tabbatarwa ba, domin yakan ci gaba da nuna alamar ƙwayar bayan an kawar da ita.

Inda barkono ke da nasa laifin

Wanke barkono daga zargin gyambo bai sa ya zama marar illa ga kowa ba. Ƙofar TRPV1 tana nan a bututun abinci da tumbi da hanji har zuwa dubura. Mai fama da ƙwannafi, wanda asid ke tasowa ya taɓa bututun abincinsa, yakan ji ƙunar ta ƙaru bayan abinci mai yaji, musamman idan da maiƙo kuma ya kwanta nan take. Masu hanji mai saurin motsuwa sukan sami murɗa da zawo. Wani kaso na sinadarin yana fita ba tare da an narkar da shi ba, shi ne dalilin raɗaɗin da ake ji washegari, wanda ke tsananta ga mai tsagewa a dubura. Ga duk waɗannan, rage yaji hikima ce, kuma jikin mutum ne ma'auninsa.

Yawa ma yana da iyaka. Irin barkonon da aka ƙirƙiro don gasa, waɗanda makinsu ya haura miliyan ɗaya, sun sha kai mutane asibiti. A 2016 likitoci a Amurka suka ba da rahoton wani mutum da bututun abincinsa ya yage bayan gasar cin irin wannan barkono. Ba sinadarin ne ya ƙona bututun ba, amai mai tsanani da ya biyo baya ne ya yaga shi.

Game da sankarar tumbi, wasu bincike a Meziko sun sami alaƙa tsakaninta da cin barkono mai yawan gaske kowace rana, wasu a wasu ƙasashe kuma ba su samu ba. Irin wannan bincike ba ya iya raba tasirin barkono da na gishiri da taba da H. pylori, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin masu haddasa sankara tun 1994.

Haɗarin da ya fi kusa da kasuwa shi ne na ajiya. Barkonon da bai bushe sosai ba, ko aka jibge shi a wuri mai danshi, yana yin fumfuna, kuma wasu nau'o'in fumfunar suna fitar da guba mai suna afalatoksin wadda ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kawar da ita. Akwai kuma algus na jan rinin masana'antu da ake zuba wa garin barkono don ya yi kyau a ido, wanda ya jawo janye ɗaruruwan kayan abinci daga shaguna a Birtaniya a 2005. Busasshen barkono mai kyau yana karyewa ƙaras, ba shi da warin danshi, kuma idan aka fasa shi ba a ganin baƙi ko toka-toka a ciki. Sayen sa ɗungurungum a kai niƙa ya fi sayen garin da ba a san asalinsa ba.

Alamomin da ba na yaji ba ne

Raɗaɗin barkono yana zuwa da abinci, ya tafi cikin sa'o'i. Ciwon da ke tayar da mutum cikin dare, ko yake dawowa kullum har fiye da mako biyu, yana buƙatar ganin likita ko da an daina cin yaji ya lafa. Haka ma rama ba dalili, da wahalar haɗiya, da amai mai maimaituwa, da saurin ƙoshi, musamman ga wanda ya manyanta. Baƙin bayan gida mai yauƙi, da aman jini ko aman da ya yi kama da garin kofi, da ciwon da ya zo farat ɗaya ciki ya ƙage kamar katako, waɗannan ba a kwana da su a gida. Mai ciwon ƙirji da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi tare da gumi da sarƙewar numfashi shi ma ya nufi asibiti nan take, domin ciwon zuciya yakan zo da kamannin ƙwannafi.